Maketin da sayarwa: wace kalma za mu sa?

Hadiza: Salamu alaikum. Ina shekarar farko a jami'ar Ngaundare da ke Dang, ranar Litinin muna da ƙaramin gwaji kan bambancin maketin da sayarwa. Da Faransanci zan rubuta, amma abu ba ya zama a kaina sai na juya shi da Hausa. Sayarwa na gane. Maketin fa?

Bala: Talla ne mana, ƙanwata.

Malam Garba: Bala, talla guntu ne daga ciki. Mai talla ta ɗauko farantin da aka riga aka cika, ita kuwa maketin tun kafin a ɗora tukunya take farawa. Hadiza, ga abin da na gani a unguwarmu a Ngaundare. Wata maƙwabciyata tana yin folere, wato zoɓo, manyan gora 20 kullum, kowace sefa 500. Da ƙyar take sayar da 6, da roƙo da ragi, sauran su yi tsami kafin gobe. Wannan sayarwa ce: kaya na hannu, ana neman a mai da su kuɗi. Sai ta tsaya ta lura da cewa ɗalibi sefa ɗari ce a aljihunsa, kuma sanyi yake nema da rana tsaka. Ta koma ƙananan gora 60 a sefa 100, cikin ƙanƙara, a bakin hanyar da ake fitowa daga darasi. Ciniki ya tashi daga 3000 zuwa 6000, ba ta roƙi kowa ba. Kaya, farashi, wuri da sanarwa duk ta gyara su don mai saye. Haka Theodore Levitt, malamin kasuwanci a jami'ar Harvard, ya raba su a 1960: sayarwa buƙatar mai kaya take dubawa, maketin buƙatar mai saye.

Hajiya Asabe: To ai kasuwanci ke nan. Shekara nawa ina sarin atamfa, ban taɓa ɗauko launin da matan Garwa ba sa so ba.

Malam Garba: Hajiya, abin da kike yi shi ne, amma kasuwanci ya haɗa da sari, bashi da lissafin riba, ya yi faɗi. Ni na fi son "sama wa kaya kasuwa", tunda muna cewa kaya sun yi kasuwa.

Bala: Malam, ai kai ka ce kafin kaya take farawa. Taka kalmar ta sa kaya a gaba. Me zai hana "karantar kasuwa"?

Malam Garba: Ka kama ni. Sai dai taka ta tsaya a lura, ba ta kai ga canza gora da farashi ba.

Hadiza: Na gode, Malam. Zan rubuta: maketin gano buƙatar mai saye ne da shirya kaya, farashi, wuri da sanarwa a kanta, sayarwa mataki ne a ciki, inda kaya ke komawa kuɗi. A littafina na bar "maketin" tukuna, na sa kalmominku biyu a gefe.