Neman sauyin lokacin aiki a watan azumi

Wata ƙanwarmu da ke tashi aiki ƙarfe biyar ta kawo damuwarta, tana so ta riƙa tashi da wuri a watan azumi: ga cunkoson hanya, ga girkin buɗa-baki, ga tsoron a ce gata take nema. Masu shawara kusan duk bakinsu ɗaya: kada ki nemi ragi, musanya za ki kai.

Wani da ya daɗe yana shugabantar ma'aikata ya yi mata lissafi. Aikinta takwas zuwa biyar ne, da hutun awa ɗaya a ciki, wato awa takwas ke nan. In ta shigo bakwai da rabi, ta ɗauki rabin awa kawai don sallar Azahar tunda babu cin rana, ƙarfe huɗu ta cika awanninta cif. Ya ce ta je wajen shugabanta tun tsakiyar Sha'aban, ta ce: "Ranka ya daɗe, ga tsarin da nake so a duba min na wata ɗaya, bayan Sallah in koma yadda nake." Bayan sun yi magana ta rubuta, don baki yana mantuwa.

Inda aka fi jan kunnenta shi ne awar da za ta bari. Wa zai karɓi mai zuwa ƙarfe huɗu da rabi? Aka ce ta fara shiryawa da abokiyar aikinta, ta yi alkawarin riƙe mata nata lokacin Kirsimeti. Wannan ta fi kwanta min, don abin da shugaba ke gudu ke nan, teburi babu kowa.

In ya ce wasu ma za su nema, ta roƙi gwajin mako ɗaya. Sai dai duk safiyar da barcin bayan sahur ya makarar da ita, ita ce za ta ba shi hujjar janyewa.