Zurfin magudana da tazararsu: abin da aka tsayar

Na tattaro abin da aka faɗa kan gonar ban-ruwan da ruwan ƙasa ya taso mata.

1. Kowa ya yarda a fara da mafita. In inda ruwan zai zuba bai fi magudanar zurfi ba, haƙar banza ce.

2. A haƙa ramin gwaji, a kwashe ruwan, a auna saurin dawowarsa. Daga wannan ake lissafa K, wato yadda ruwa ke saurin ratsa ƙasar.

3. An yi lissafin tazarar magudana, wato L, da dabarar Hooghoudt:

L² = (8Kdh + 4Kh²) / q

Magudana mita 1.6, ana son ruwan ya tsaya mita 1 ƙasa da doron gona, wato h, tsayin ruwan sama da magudanar, mita 0.6. K rabin mita a rana, q, ruwan da za a riƙa fitarwa, milimita 2 wato mita 0.002 a rana, d, gyararren zurfin ƙasar da ruwa ke bi ƙarƙashin magudanar, kusan mita 2.3 saboda akwai laka mai tauri mita 3 ƙarƙashin magudanar. Tazara ta fito kusan mita 56.

4. A zurfi aka rabu. Wasu na son kusan mita 2, don tazara ta ƙaru, gishiri kuma ya rage tasowa. Wasu sun ce a ƙasa mai yashi bangon ramin ruftawa yake. Ni na fi karkata ga na farko, in mafita ta yarda.

5. A kafa bututun awo a tsakiyar magudana biyu, can ruwan ya fi tasowa.