Masu tantance ma'aikata, yaya kuke raba "mun yi" da "na yi"?

Mai kula da ma'aikata, Kano: Salamu alaikum. Makon jiya mun yi intabiyu da mutum 6 don gurbin mai kula da sito. Na tambayi kowa ya ba ni labarin lokacin da lissafin kaya ya ƙi daidaita a inda ya yi aiki. Kusan dukansu amsa ɗaya: mun kirga, mun gano, mun gyara. Na fito ban san wanda ya taɓa riƙe littafin sito da hannunsa ba, abin ya dame ni. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke tsara tambayar?

Tsohon akanta: Wa alaikumus salam, Hajiya. "Mun" ma da sauƙi. Wanda ya fi ɓoye mutum shi ne "an" da "aka". An kirga, aka ga giɓi, aka kai rahoto. Babu mai aiki a jimlar gaba ɗaya. Shi ya sa nake ɗaure tambayata ga rana guda. Ba na cewa yaya kuke yi idan kaya sun ɓace, don wannan tsarin ofis zai karanto mini. Cewa nake: ba ni labarin karo na ƙarshe da abin da ke littafi ya saɓa da abin da ke sito, ka fara daga lokacin da kai ka sani.

Wani matashi ya ce mini sun gano giɓin buhu 40 na taki sun magance. Na ce wa ya fara lura? Ya ce ogansa. Kana ina lokacin? Yana bakin ƙofa ana lodi. Da ka ji, me ka fara ɗauka? Nan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ya kwaso takardun fitar da kaya na mako biyu, ya jera su da littafin mai gadi, ya ga mota ɗaya ta fita an rubuta ta a ƙofa ba a rubuta a sito ba. Na ce wa ya sa ka? Ya ce babu, shi ya ga ya dace. Ka ga gano giɓin ba nasa ba ne, amma binciken nasa ne, kuma shi nake nema. Wanda yana wurin kawai aka yi, a tambaya ta uku yake komawa "ai dai an daidaita", ba zai iya faɗin wace takarda aka duba ba.

Ɗan Damagaram: Ni tun farko nake gaya musu kada in ji "mu" a ɗakin nan, kowa ya ce "ni". Yana rage ɓata lokaci.

Malamar asibiti: Yallaɓai, na gwada hakan, ban ji daɗinsa ba. Masu baki suka mayar da aikin kowa nasu, masu kunya suka daburce. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, musamman mata a gaban manya. Wata da ta yi aikin rigakafin shan inna ta yi ta cewa mun shawo kan masu gidan da suka ƙi. Sai na ce mata, na san aikin tawaga ne, ba yabon kai nake nema ba, so nake in san rabon kowa. Ku nawa ne? Uku. Wa ya yi sallama? Ita. Da mai gidan ya ƙi, wace magana kika faɗa masa? Sai ga shi ita ce ta koma wurin mai unguwa ta taho da shi. Da na hana ta "mu", da ban ji wannan ba.

Sabon manaja: Ni ina tambaya ne, da kai ne mai sito kaya suka ɓace, me za ka yi? Dole ya ce "zan".

Tsohon akanta: Zai ce "zan", ƙanena, amma abin da bai faru ba yake ba ka. Kowa gwani ne a aikin gobe. Tambayar Hajiya a kan abin da ya riga ya wuce ne. Kuma a kula da sa wa mutum amsa a baki. Na taɓa cewa "kai ka rubuta rahoton ko?" ya ce e, daga baya na gane sa hannu kawai ya yi. Yanzu cewa nake: wa ya rubuta?

Mai kula da ma'aikata, Kano: Na gode ƙwarai. Zan rubuta tambayoyin bi-baya guda uku iri ɗaya ga kowa, don kada in matsa wa wani in ƙyale wani. Abin da ya rage mini shi ne wanda ya shugabanci tawaga. Idan ya ce "na sa aka yi", aikinsa ke nan ko fakewa ce?

Malamar asibiti: Ni ina tambayarsa wa ya ba aikin, me ya sa ya zaɓe shi, kuma me ya duba da aka kawo masa. Amma ko da hakan, sau biyu muka saɓa da wanda muke intabiyun tare kan makin da za mu bayar.