Me za mu kira "tesis" na amsar jarrabawa da Hausa?

Mai neman kalma: Jama'a, ina taimaka wa ƙannena 'yan aji ɗaya da shirin jarrabawa, irin wadda ake ba ka tambaya guda ka cika shafi uku ko huɗu. Ina nuna musu yadda ake zana kwarangwal ɗin amsa daga takardun da malami ya ce a karanta, kafin a fara rubutu. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: tesis, wato jumlar nan da duk amsar ke rataye a jikinta. Na ce musu "jigo", sai na ga suna rubuto mini abin da ba shi nake nufi ba. Wa ke da wadda ta fi?

Ɗan digiri na biyu: Ai wannan an daɗe da gamawa. Kundi ake cewa. Kundin digiri na biyu, kundin digiri na uku. Nawa ma yana hannun mai duba ni wata na biyar ke nan, ko buɗe shi bai yi ba.

Mai neman kalma: Allah ya fito da kai lafiya, Yaya, amma ba wancan ba. Turawan ne suka ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu. Ni jumla guda nake nufi, wadda ke zama a ƙarshen sakin layi na farko.

Ɗalibar adabi: Ni ban ga laifin jigo ba. Abin da rubutu ya dosa ke nan, saƙon da ke cikinsa. Tun sakandare da shi muka saba, me zai sa a ƙirƙiro sabuwa?

Malamar tarihi: 'Yata, jigo yana da gidansa, amma ba nan ba. Ga yadda nake gwadawa idan ina maki: in karanta jumlar, in tambayi kaina ko mai hankali da ya karanta takardun nan zai iya cewa "ban yarda ba". Idan ba wanda zai iya ja, ba a kai ga tesis ba tukuna. Shi jigo ba a ja da shi. Ka ce jigon rubutu yaƙi ne ko zalunci, kowa sai ya gyaɗa kai.

Bari in kawo tambayar da nake yawan bayarwa: har ina Jamus ke da alhakin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya? Wanda aka ce masa ya kawo jigo zai rubuta, "Wannan amsa za ta duba musabbabin yaƙin 1914." Gaskiya ce, amma bai ce komai ba, ya maimaita mini tambayata ce kawai. Wanda ya gane zai rubuta, "Jamus ce ta fi kowa alhakin mayar da rikicin Balkan yaƙin Turai, domin ita ta ba Ostiriya-Hangari ƙarfin gwiwar far wa Sabiya, ko da yake gaggawar Rasha ta rage lokacin da ya saura na sulhu." Wannan ya tsaya a wuri guda, ana iya zuwa a ture shi. Shi ya sa ni "matsaya" nake ce wa ɗalibaina.

Ɗalibin shari'a: Malama, da izininki. Me zai hana "da'awa"? A kotu mai da'awa shi ke da nauyin kawo hujja, kuma abin da ake so ɗalibi ya ji a jikinsa ke nan: ka faɗa, to tabbatar. Matsaya kuwa ko taron ƙungiya aka tashi sai ka ji an cimma matsaya, ba wanda ya nemi hujja.

Malamar tarihi: Ka yi rabin gaskiya. Ta fuskar ma'ana da'awa ta dace, har Stephen Toulmin da ya fasalta sassan muhawara a 1958 daga salon kotu ya ɗauko tunaninsa. Matsalarta kunne. Ka ce wa ɗan aji ɗaya "rubuta da'awarka", hankalinsa wa'azi zai tafi. Amma kada mu yar da ita, tana da aiki a ƙasa. Matsaya guda ce tak a amsa. Kowane sakin layi kuma yana buɗewa da ƙaramar da'awa da ke tallafe da ita.

Mai neman kalma: To "ra'ayi" fa? Ɗaya daga cikin yaran shi ya kawo ta.

Malamar tarihi: Wannan ce ma na fi tsoro. Da ka ce ra'ayi, an buɗe ƙofar "a ganina", sai ka sami shafi uku ba sunan marubuci ɗaya daga cikin waɗanda aka ce a karanta. Ra'ayi ba ya bin kowa bashin hujja.

Tunda kwarangwal kake koya musu, ga yadda nawa zai kasance a kan waccan tambaya, a bayan takardar amsa, cikin minti 6 ko 7 idan an ba ka 45. A sama matsayar, cikakkiyar jumla, ita kaɗai ce ake rubutawa a cike. Ƙarƙashinta da'awa ta farko: ba don Jamus ba, da Ostiriya ba ta yi wannan ƙarfin hali ba. A gefe sai in sa "5 da 6 ga Yuli", ranakun da Jamus ta yi mata alkawarin goyon baya ba tare da sharaɗi ba, da "23 ga Yuli", ranar da aka miƙa wa Sabiya wa'adin sa'o'i 48. Sai sunan masanin tarihi Fritz Fischer da 1961, shekarar littafinsa, don shi ne a cikin karatunmu ya ɗora wa Jamus mafi yawan nauyi. Da'awa ta biyu: tsarin yaƙin Jamus ne ya faɗaɗa wutar zuwa yamma. A gefe: shelar yaƙi kan Rasha 1 ga Agusta, kan Faransa 3 ga Agusta, shiga Beljiyam ranar 4, wanda ya jawo Birtaniya a ranar. Ka ga a gefen ban rubuta jumla ko ɗaya ba, kwanan wata ne da sunaye, abin da zai tuna mini kawai.

Kuma ba a cikin ɗakin jarrabawa ake haƙo waɗannan ba. Tun lokacin karatu, kowace takarda na sa su rubuta mata layi uku: me marubucin ya tsaya a kai, da me ya kafa, da wa yake jayayya a cikin sauran. Layi na ukun shi ake yawan tsallakewa, alhali daga nan ɓangaren adawa ke fitowa a shirye.

Ɗalibar adabi: Na sallama kan jigo, ko da yake raina bai so ba. Amma Malama, na ji kina ta cewa hujja. Shaida fa? Ba abu ɗaya ba ne?

Ɗalibin shari'a: A wajenmu dai ba ɗaya ba ne. Shaida ita ce abin da aka ajiye a gaban alƙali. Sai an nuna abin da take tabbatarwa sannan ta zama hujja.

Malamar tarihi: Nan kam ka buga daidai. Kuma a nan maki ke zubewa. Duk shekara sai na sami wanda ya rubuta cewa sashe na 231 na yarjejeniyar sulhu ta 1919 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin, ya sa aya, ya wuce abinsa kamar ya gama. Wannan shaida ce, amma ta me? Ta abin da waɗanda suka ci yaƙi suka rubuta bayan shekara biyar. Ba ta nuna abin da ya faru a Yulin 1914 ba. Shi ya sa a kwarangwal nake sa su ja 'yar kibiya bayan kowace shaida su rubuta "wannan ya nuna" da kalma huɗu ko biyar. In ka kasa cike gurbin, shaidar ba ta wannan sakin layi ba ce, komai wahalar da ka sha wajen haddace ta.

Mai neman kalma: Madalla. Matsaya, da'awa, shaida, hujja. Saura ɗaya: maganar da ake kawowa ta ɗaya ɓangaren, wadda ke sukar matsayarka. Ni "raddi" nake cewa.

Ɗan digiri na biyu: Na dawo, yanzu na gane inda aka dosa. Raddi ai amsar da kai kake mayarwa ce. Sai an soke ka kake raddi. Abu biyu ne a jere, kada a ba su suna ɗaya. Ni zan ce "kishiyar hujja".

Ɗalibar adabi: Kishiyar hujja ta yi mini kama da abin da aka fassaro. Ba mu da "hanzari"? Wani hanzari ba gudu ba, ai daidai wurin da mutum ke cewa "na ji, amma" ke nan. Ko kuma "ja" kawai: akwai mai ja?

Malamar tarihi: "Ja" ta burge ni, gajeriya ce, za ta shiga gefen takarda. Hanzari kuwa ina jin ƙamshin uzuri a jikinta, kamar mai neman hanyar zillewa, alhali abin da ake so shi ne suka mafi ƙarfi da za a iya yi maka. A misalinmu, ja na gaske shi ne Rasha ce ta fara ba da umarnin tara dukkan sojojinta ranar 30 ga Yuli, kafin Jamus ta yi nata, kuma masanin tarihi Christopher Clark a 2012 ya raba nauyin a kan manyan ƙasashen gaba ɗaya. Wannan yana cizo. Raddin kuma ba ƙaryatawa ba ne, don abin ya faru. Sai ka ce haka ne, amma Rasha ta motsa ne bayan Ostiriya ta riga ta shelanta yaƙi kan Sabiya ranar 28, da goyon bayan da ta samu tun farkon wata. Ka lura daga nan ne "ko da yake" ɗin da ke cikin matsayata ya fito. Idan ja bai canja ko kalma ɗaya a matsayarka ba, yawanci ɗan tsana ka kafa ka buge.

Ɗalibin shari'a: Ni har yanzu ban gamsu da "ja" a rubuce ba. A baki lafiya lau, amma mai karatu zai iya ɗauka launi ake nufi, ko jan igiya. "Kawo ja guda biyu" a takardar tambaya? Sai an yi dariya a ɗakin. "Suka" fa?

Ɗalibar adabi: Suka tana iya zama kan salon rubutunka ko ma kan kai kanka. Ja kuwa da maganar ake yi.

Mai neman kalma: To, na ɗauki matsaya, wannan ta zauna. Raddi ma na mayar da shi wurinsa. Na tsakiyar zan gwada "ja" da "kishiyar hujja" a kan yaran ranar Asabar, kowanne da rukuninsa, in ga wanne zai sa su kawo maganar Rasha ba sai na tuna musu ba.

Ɗan digiri na biyu: Ka saka "suka" ta uku mana, kada ɗan shari'a ya ce an yanke hukunci a bayan idonsa.