Kuɗin tallafi: ina sunan tsofaffinmu ke maƙalewa?

Maman Ummi: Jama'a, ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Kakata ta haura tamanin, ba ta gani sosai, ba ta da mai ɗaukar nauyinta sai mu. An rubuta sunanta a rajistar tallafin gwamnatin tarayya tun lokacin da ake ba da ₦5,000 a wata, amma da aka fara biyan ₦25,000 ɗin nan a wata har wata uku da aka sanar a 2023, ko sisi ba ta samu ba. Maƙwabciyarta mai ƙarfi a jika ta karɓa.

Malam Sabo: Hajiya, shiga rajista daban, biya daban. Na yi aikin rubuta gidaje a ƙaramar hukumarmu. Mutanen gari ne ke zama, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci, sannan su lissafa gidaje. To, gida ake rubutawa, ba mutum ɗaya ba. Idan tsohuwa tana ci daga tukunyar ɗanta, a gidansa ake ƙirga ta, kuma mutum guda ke karɓa a madadin kowa, yawanci matar gida. Ki fara bincikawa ko wani yana karɓa da sunan gidan.

Baffa Direba: Duk siyasa ce. Wanda ba shi da ɗan uwa kansila ya haƙura.

Malam Sabo: Akwai son kai, Baffa, na gan shi da idona. Amma abin da ya fi kayar da tsofaffi a wannan karon lambar NIN ce, domin ta asusu ake biya, ba hannu da hannu kamar da ba. Tsohuwar da aka rubuta Hauwa Musa a rajista, katinta kuma ya ce Kulu Musa, na'ura ba ta san mutum ɗaya ce ba.

Inna Talatu: Mahaifina a wajen hoton yatsa ya tsaya. Noma ya cinye zanen yatsunsa, na'ura ta ƙi ɗauka, aka ce mu dawo wani lokaci. Kuɗin mota zuwa gari da dawowa, ni da shi, ba ƙaramin abu ba ne. Sannan layin wayar da muka bayar na ƙanena ne, ya tafi ci-rani da shi. Ko an turo saƙo, ba mu gani ba.

Ɗanladi: Ni ma fanshon babana wata huɗu bai shigo ba.

Malam Sabo: Allah ya kawo mafita, amma fansho hanyarsa daban. Maman Ummi, ki ɗauki takardar NIN ɗinta ki je wajen jami'in ƙorafi na shirin a sakatariyar ƙaramar hukuma, a gwada suna da lambar waya da abin da ke rajista.

Maman Ummi: Na gode, Malam. Yanzu na tambayi kawuna, ya ce a gidansa aka rubuta ta, kuma ya saki matarsa da aka sa mai karɓa. Ana iya canja suna, ko sai an sake zagayowa rajista?