Abin da aka ce kan sanda mai zafin hannu

Ga abin da na tsinta daga muhawararmu kan abin da ke sa sanda ta yi wa hannu zafi in ka bugi abu da ita.

1. Kowa ya yarda cewa in ka riƙe gindin sanda mai kauri ɗaya, wurin da bugu ba ya girgiza hannu yana kashi biyu cikin uku na tsawonta daga hannunka. Sandar kiwo mai santimita 150, wurin yana wajen santimita 100.

2. Ka buga da can bakinta, gindin ya fizge yatsunka. Ka buga kusa da hannu, ya dannu cikin tafinka. Zafin ke nan.

3. An rabu kan dalili. Wasu sun ce karkarwar itacen ce ke cizo, musamman busasshiyar gora. Ni ina ganin duka biyun, fizgar gindin da karkarwar itacen, suna aiki.

4. Masu sussukar gero sun tuna mana: kulki mai nauyin kai, wurin yakan matsa gaba.