Idon ƙanena ya yi rawaya: a kai shi gida ko a yi gwaji nan Legas?

Ɗan Dako Mile 12: Salam jama'a. Ƙanena, shekara 24, tun makon jiya idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa kamar shayi ba madara. Ba ya cin abinci, ga tashin zuciya. Inna ta ce a sa shi a mota ya koma gida a yi masa na gargajiya. In tura shi ko a fara gwaji a nan?

Mai Shayi Agege: Shawara ce. A ba shi rake, a hana shi mai.

Anti Nas: Ɗana, shawara alama ce, ba ita ce cutar ba. Duba bayan gidansa. In ya koma fari-fari, ga ƙaiƙayin jiki, to bututun matsarmama ne ya toshe ko hanta ta kumbura. In kuwa tafin hannunsa ya yi fari yana haki, jini ne ke fashewa, kamar a sikila ko maleriya mai tsanani. A rubuta masa LFT na duba aikin hanta, HBsAg na ciwon hanta nau'in B, PCV na yawan jini, da gwajin maleriya. Ya daina shan farasitamol barkatai. Da ya fara sambatu, barci ba ƙaƙƙautawa ko dasashi na jini, asibiti a daren, kada a jira safiya.

Maman Biyu: Haka aka yi wa maigidana, Allah ya jiƙansa. Wata uku ana ɗura masa jiƙo, idon ya washe muka ce an warke. Bayan shekara biyu ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, yana aman jini. Sai a lokacin aka ce ciwon hanta nau'in B ne. Da aka gwada mu, babban ɗana ma yana da shi.

Mai Shayi Agege: Allah ya jiƙansa. Amma ni rake na sha na tashi.

Anti Nas: Wataƙila nau'in A ka yi, na gurɓataccen ruwa, wanda yawanci da kansa yake wucewa. B kuwa, in ya haura wata 6 a jini ya zauna ke nan, ko da ido ya yi fari.

Ɗan Acaba: Naira 3,000 na yi gwajin a Agege.

Alhajin Canji: Wane 3,000? Ni 25,000 na biya a Obalande.

Ɗan Acaba: Alhaji, babbar rigarka suka gwada.

Maman Biyu: Na 3,000 tsinke ɗaya ne kawai, ba ya nuna halin da hanta ke ciki.

Alhajin Canji: Ita Antin nan likita ce, ko dai?

Ɗan Dako Mile 12: Anti, bayan gidan ya ɗan yi fari. LUTH zan kai shi ko ƙaramin asibiti ya isa?

Ɗan Acaba: Maganar ɗaukar ciwon hanta, ni masu askin bakin titi ne ke ba ni haushi. Aska ɗaya, kai goma, ka yi magana a ce ka cika iyayi.

Alhajin Canji: Masu yankan farce fa? Su wa ke duba almakashinsu?